Bugun Zuciya da Asuba: Me Yake Faɗa Game da Shirin Jiki, Kuma Har Ina Za a Yarda da Shi?

A shekarun da Miguel Indurain, ɗan tseren keke na ƙasar Sifaniya, yake cin babbar gasar keke ta Faransa, wadda ya lashe sau 5 a jere daga 1991 zuwa 1995, an ruwaito cewa zuciyarsa kan buga sau 28 kacal a minti ɗaya idan yana hutawa. Da a ce magidanci ɗan shekara 60 ne aka auna aka tarar da wannan adadi, ga shi yana kukan jiri, ba za a bar shi ya koma gida ba, gado za a ba shi a asibiti. Lamba ɗaya ce, amma a jikin ɗaya shaidar horo ce, a jikin ɗayan kuma alamar cuta.

Wannan shi ne abin da ya kamata ya tsaya a ran duk wanda ya ɗaura agogon zamani a hannu. Agogunan nan da zobban da ake sawa a yatsa sun shigo da wata sabuwar al'ada: mutum ya farka, tun bai wanke fuska ba ya duba waya, manhaja ta ba shi maki ko launi. Kore, wai jikinka ya shirya, je ka yi atisaye mai ƙarfi. Ja, wai ka huta. Kamfanin Garmin yana kiran nasa Training Readiness, Whoop yana rubuta Recovery, zoben Oura kuma Readiness. A ƙarƙashin yawancin waɗannan sunaye akwai awo biyu masu muhimmanci: yawan bugun zuciya a lokacin hutu, da bambancin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, wanda ake gani a fuskar waya da haruffan HRV.

Na farkon kowa ya san shi. A wajen baligi mai lafiya, likitoci na ɗaukar 60 zuwa 100 a minti a matsayin daidai, masu gudun dogon zango da 'yan ƙwallon da suka samu horo kuwa sukan sauko tsakanin 40 da 60, domin zuciyarsu na tura jini mai yawa a kowane bugu, ba ta bukatar gaggawa. Na biyun ne ke bukatar bayani.

Zuciya mai lafiya ba ta bugu daidai-wa-daida

Akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a saman ɓangaren dama na zuciya, shi ke tayar da kowane bugu. Da za a ƙyale shi ba tare da kwaɓa ba, zai riƙa bugawa wajen sau 100 a minti. Abin da ke sauko da shi zuwa 60 ko 50 wata doguwar jijiya ce da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya ta shiga ƙirji, likitoci na kiranta begas. Aikinta aikin linzami ne a bakin doki: ta ja, zuciya ta lafa, ta sassauta, zuciya ta ƙara sauri. Ana ganin shaidar haka a jikin waɗanda aka yi wa dashen zuciya. Tun da an yanke jijiyar yayin tiyata, sabuwar zuciyarsu kan buga wajen 90 zuwa sama da 100 ko suna kwance, kuma tazarar bugun nata kusan ba ta canzawa.

A jikin mai lafiya kuwa, jan linzamin yana tafiya da numfashi. In mutum ya shaƙi iska bugun ya ɗan yi sauri, in ya fitar ya ɗan ja baya. Ba sabon ilimi ba ne. Masanin nan na Jamus Carl Ludwig ya zana wannan hawa da sauka a jikin kare tun 1847. Yaro ko matashi zai iya jin abin da yatsansa in ya riƙe wuyan hannunsa ya yi numfashi mai zurfi a hankali.

Ga yadda na'ura ke mayar da shi lamba. Ana auna tazarar da milisakan, wato kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. A ce an samu tazara biyar a jere: 1000, 1060, 980, 1040, 990. Bambancin kowace da ta gabanta shi ne 60, 80, 60, 50. Sai a ninka kowanne da kansa, a haɗa su a samu 16,100, a raba gida 4 a samu 4,025, a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, wato kusan 63. Wannan lissafi shi ne RMSSD da yawancin manhajoji ke amfani da shi. Wani mutumin kuma tazararsa ita ce 1000, 1010, 995, 1005, 1000. In aka bi hanya guda, nasa bai kai 11 ba. Dukansu biyu zuciyarsu na buga kusan 60 a minti, wanda ya ƙirga da yatsa ba zai ga wani bambanci ba. Amma a na farko jijiyar begas na aiki sosai, a na biyu ta ja da baya.

Abin da ke sa ta ja da baya shi ne duk wani nauyi da jiki ke ɗauke da shi: atisaye mai tsanani na jiya, rashin barci, zazzaɓi, ƙishirwa, zafin gari, damuwa, giya, cin abinci mai nauyi da tsakar dare. A irin wannan hali bugun hutu kan hau, bambancin tazara ya sauka. Daga nan tunanin awon safe ya samo asali, kuma tunani ne mai tushe. Matsalar ita ce jijiyar ba ta faɗin wanne ne daga cikin waɗannan ya taɓa ta. Ba ta kuma san komai ba game da cinyar da ta yi tsami ko gwiwar da ke ciwo.

Abin da aka gwada aka gani

Mutanen Finland suna cikin waɗanda suka daɗe a kan wannan harka. A can aka kafa kamfanin Polar a 1977, wanda ya fitar da na'urar auna bugun zuciya marar waya da ake ɗaurawa a jiki a 1982. A can ne kuma, a birnin Oulu, Antti Kiviniemi da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji a 2007. Sun ɗauki maza 26 suka raba su kashi uku. Wasu suka bi jadawalin gudu da aka tsara tun farko, wasu kuma kowace safiya sai an auna su, in bambancin tazararsu yana nan ko ya ƙaru su yi gudu mai ƙarfi, in ya faɗi su sassauta ko su huta, sauran kuma aka bar su don kwatance. Bayan mako 4, waɗanda suka bi awon safe sun fi samun ƙarin gudu.

A 2016 Ville Vesterinen da tawagarsa suka sake gwadawa da masu gudu 40 na tsawon mako 8. Masu bin awon safe sun yi atisaye mai ƙarfi kusan sau 13, masu bin jadawali kusan sau 18, amma duk da haka na farkon sun inganta gudunsu na mita 3,000 da kimanin kashi 2 cikin 100, na biyun da kimanin kashi 1. Riba ce ta gaske, ƙarancin wahala da sakamako mai ɗan kyau, sai dai ba mai yawa ba ce, kuma mutanen da aka gwada kaɗan ne. Wani abin lura kuma, a wannan gwaji ba lambar rana ɗaya aka bi ba, matsakaicin kwana 7 aka riƙa dubawa.

Binciken da ya fi dacewa kowane mai agogo ya sani shi ne wanda Yann Le Meur da abokan aikinsa suka wallafa a Faransa a 2013. Sun yi aiki da 'yan wasan da ke haɗa iyo da keke da gudu, su 21. Aka lafta wa 13 daga cikinsu horo fiye da kima har mako 3, da gangan, har ƙoƙarinsu ya ragu. Abin da kowa zai zata shi ne bugun hutunsu zai hau, bambancin tazara ya faɗi. Sai aka ga akasin haka. Bugunsu na safe ya sauka, bambancin tazara ya ƙaru, daidai lokacin da jikinsu ya gaji liƙis. Wato da manhaja mai launi ce ke musu hukunci a kan waɗannan lambobi biyu kaɗai, kore za ta nuna wa mutanen da suka fi kowa bukatar hutu. Kuma ko wannan sauyin ma bai fito fili ba sai da aka haɗa awon mako guda aka fitar da matsakaici. Awon rana ɗaya ya yi ta tsalle-tsalle har ya ɓoye shi.

Tun kafin nan, a 2008, Laurent Bosquet da wasu masana sun tattara binciken da aka yi a kan bugun zuciya da wuce gona da iri a horo. Suka tarar akwai sauyi, amma ƙanƙantarsa ta kai yana iya ɓacewa a cikin hawa da saukar da bugu ke yi daga rana zuwa rana ba tare da wani dalili ba. A 2016 kuma Anna Saw da abokanta a Ostireliya suka duba bincike 56, suka ga cewa tambayar ɗan wasa yadda yake ji, gajiyarsa, barcinsa, tsamin jikinsa da yanayin ransa, ta fi awon na'urori da na jini saurin nuna tasirin horo, ta kuma fi su tsayawa a kan magana ɗaya. Wannan sakamako ya cancanci a yi ta maimaita shi, domin mutane da yawa sun fara ƙaryata jikinsu suna gaskata waya.

Safiya uku a rayuwar mai gudu ɗaya

A ɗauki misalin wani matashi ɗan shekara 28 a Kano, mai fita gudu bayan sallar asuba. Ya yi wata guda yana aunawa kullum, ya gano cewa bugunsa na safe yana yawo tsakanin 52 da 56, RMSSD ɗinsa kuma tsakanin 60 da 80. Wannan zango shi ne ma'auninsa. Abokinsa da suke gudu tare yana iya samun 35 ko 110 kuma lafiyarsa ƙalau, domin lambar tana bin gado da shekaru, tana raguwa yayin da mutum ke manyanta. Gasar lamba tsakanin abokai ɓata lokaci ce.

Ranar Talata ya farka ya ga 57 da 52. Manhaja ta nuna ruwan ɗorawa. Jiya Litinin ya yi gudun sauri, kuma daren an yi zafi ba wuta, barcin rabi da rabi ne. Ga dalili a fili, faɗuwar kaɗan ce, ta rana ɗaya ce, kuma jikinsa ba ya masa wani ciwo. Abin da ya dace shi ne ya fita, ya ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15, sannan ya yanke hukunci da abin da ƙafafunsa suka gaya masa. Wanda zai soke atisaye duk ranar da lamba ta ɗan motsa ba zai taɓa yin horon kirki ba, domin horo kansa nauyi ne da ake ɗora wa jiki da gangan, kuma dole ya bar alama washegari.

Bayan wasu makonni, ranar Alhamis ya ga 62 da 44, alhali Laraba hutu ya yi. Juma'a ya ga 66 da 33, ga ɗan nauyin kai. Wannan wani labari ne daban. Awo biyun sun tafi tare ta mummunar hanya, kwana biyu a jere, nesa da zangonsa, kuma ba atisayen da zai bayyana hakan. A nan ne awon safe ya fi amfani. Zazzaɓi na ƙara bugun zuciya da kimanin 10 a kan kowane digiri 1 na ƙarin zafin jiki, kuma sau da yawa bugun kan fara hawa tun mutum bai ji sanyi ya kama shi ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun duba bayanan agogunan mutum 32 da suka kamu da korona, suka ga sauyi a bugun zuciya ko barci ko yawan tafiyar 26 daga cikinsu, a mafi yawansu kafin alamun cutar su fito ko daidai fitowarsu. Agogo ba zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko mura ko taifot ba. Abin da matashin nan zai yi shi ne ya ajiye takalmin gudu, ya auna zafin jikinsa, in zazzaɓi ya bayyana ya je a yi masa gwajin jini. Gudu mai ƙarfi da zazzaɓi a jiki haɗari ne ga zuciya kanta.

Safiya ta uku ita ce mai ruɗi. Ya shafe mako 3 yana ƙara nisa saboda wata gasa da ke tafe. Yanzu bugunsa 48, RMSSD 98, waya kore shar. Amma ƙafafu sun yi nauyi, tazarar da ya saba cinyewa cikin minti 25 yanzu tana cin 27, ransa na saurin ɓaci, kuma in ya matsa a gudu bugun zuciyarsa ya ƙi kaiwa inda ya saba kaiwa. Wannan shi ne hoton 'yan wasan Le Meur. Alamar da ke raba shi da ainihin ƙaruwar ƙarfi mai sauƙi ce: wanda ya ƙara ƙarfi bugunsa na sauka kuma gudunsa na ƙara sauri da sauƙi, wanda ya gaji kuwa bugunsa na sauka gudunsa na lalacewa. Maganinsa mako guda na sassauci, ko da waya ta ce ya ci gaba.

Awon da kansa

Yawancin ruɗanin da mutane ke shiga daga yadda suke aunawa yake fitowa. Bambancin tazara abu ne mai saurin motsi. Tashi zaune daga kwance na canza shi, magana na canza shi, cikar mara na canza shi, haka ma karanta saƙo mai tayar da hankali. Jan numfashi a hankali da gangan yana kumbura lambar nan take, mutum ya yaudari kansa. Don haka ƙa'idar ita ce a yi abu ɗaya kullum: a farka, a kama ruwa, a dawo a kwanta ko a zauna, amma wanda aka zaɓa shi za a riƙe, a natsu na minti ɗaya ko biyu, sannan a auna na minti 1 zuwa 5 da numfashin da aka saba, kafin shayi ko kofi. Ga mai tashi sallar asuba, lokacin a shirye yake. A watan azumi kuwa, da tashin sahur da sauyin barci da na shan ruwa, zangon kan iya gocewa gaba ɗaya, saboda haka ranakun azumi da junansu ya kamata a kwatanta su. Haka mata: a rabin wata na biyu, bayan fitar ƙwai har zuwa zuwan al'ada, bugun hutu kan ɗan hau, bambancin tazara ya ɗan sauka, kuma wannan ba gajiya ba ce.

Na'urori ma ba ɗaya suke ba. Ɗamarar ƙirji tana karanta wutar lantarkin zuciya kai tsaye, ita ce mafi daidaito. Agogo da zobe haske suke haskawa a fata su ƙiyasta bugu daga kumburin jijiyoyin jini, shi ya sa motsi ko sakin maɗauri ke rikita su. Akwai tambayar da ta shafi masu baƙar fata kai tsaye, tun da launin fata na shanye koren hasken da agoguna da yawa ke amfani da shi. Wani bincike na Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambanci mai ƙarfi tsakanin launukan fata ba, ya dai ga kuskure na ƙaruwa sosai lokacin motsi, amma wasu masana sun ce masu duhun fata sosai sun yi kaɗan a cikinsa. Mai agogo na iya gwada nasa da kansa: ya zauna shiru ya ƙirga bugunsa da yatsa na minti guda ya kwatanta da abin da agogon ya nuna, sau da dama. Sannan lambar wani kamfani ba ta fassaruwa zuwa ta wani. Agogon Apple, alal misali, yana adana lissafin SDNN ne, ba RMSSD ba. Makin shiri kuwa, wanda ake cakuɗa bugu da barci da wasu abubuwa a fitar da shi, kowane kamfani da nasa sirrin haɗin, don haka ya fi kyau mutum ya buɗe ya ga ainihin lambobin biyu.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan bai yi asarar da yake zato ba. Yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, agogon waya da ɗan littafi sun isa a bi bugun hutu. Sai dai a ƙirga minti guda cur. Mai ƙirga daƙiƙa 15 ya ninka sau 4, in ya kuskure bugu ɗaya ya kuskure 4, wanda ya kusa kai girman sauyin da ake nema. A gefen lambar ya rubuta awa nawa ya yi barci, ya ba gajiyarsa da tsamin jikinsa maki daga 1 zuwa 5. Masu horarwa da yawa na ɗaukar hawan bugu 5 zuwa 10 sama da abin da mutum ya saba, in ya wuce kwana ɗaya, a matsayin dalilin sassautawa. Ƙa'idar gogewa ce, ba dokar likita ba, amma tana aiki daidai gwargwado.

Akwai kuma waɗanda lambobin nan ba sa musu magana irin wadda suke yi wa sauran mutane. Magungunan hawan jini irin su atenolol da furofaranolol suna danne bugu, maganin asma na shaƙa irin salbutamol yana ɗaga shi. Ƙarancin jini, juna biyu da yawan aikin maƙoƙo duk suna sa bugun hutu ya zauna a sama na tsawon makonni, kuma hutun atisaye ba zai sauko da shi ba. Mafi haɗari shi ne zuciyar da bugunta ya rikice. In tana tsallake bugu ko tana bugawa ba tsari, tazarar za ta yi ta bambanta sosai, lissafin ya ba da lamba mai girma, manhaja ta ɗauka lafiya ce ta ƙaru. Mutumin da ya saba ganin 40 ya wayi gari da 150, musamman in ya haura shekara 50 ko yana da hawan jini, ya sa yatsa ya ji bugun da kansa. In ya ji shi a hargitse, ko bugun hutunsa ya zauna sama da 100, ko ya yi ƙasa sosai tare da jiri, suma, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, asibiti zai nufa a yi masa gwajin lantarkin zuciya, ya kuma tafi da littafinsa ko wayarsa don likita ya ga ranar da abin ya fara.